Cizal Mai Tambarin Kan Rago

Gobarar da ta tashi a layin kafintoci ta cinye shago biyar, na Baba Kafinta ne na ƙarshe. Da toka ta huce ya tona ya ciro kayan aikinsa. Ƙotoci duk sun ƙone, amma ƙarafan suna nan da siffarsu, har matarsa ta yi hamdala. Shi kuwa ya ɗauki magagari ya goga a bakin cizal ɗin da ya fi so, wanda yake sassaƙa ramin haɗin ƙofa da shi tun yana saurayi. Magagarin ya ci ƙarfen kamar sabulu.

"Ya mutu," ya ce mata. "Wuta ta zare masa tauri. Da yana da rai, magagari zamewa zai yi a kansa."

Ga shi kuma ya karɓi aikin ƙofofin wani gida, na katako mai tauri, mai gidan ya ce haɗin rami da harshe yake so, ba ƙusa ba. Don haka bayan ya kafa rumfa a tsakar gida, sai ya shiga kasuwar kayan ƙarfe shi da amininsa Bahago, wanda shagonsa ya tsira. Tare suka koyi aiki, tare suka tsufa, kuma ba su taɓa yarda da juna a kan kayan aiki ba.

Iri uku suka tarar. Akwai masu arha, masu ƙotar roba, ana sayar da su shida a leda ɗaya. Baba ya roƙi izini ya gwada ɗaya a kan guntun katako, ta wajen da aka yanke shi. Sau uku ya tura, bakin ya lanƙwashe har farce yana jinsa. Akwai masu matsakaicin kuɗi, masu jan ƙota. Bayansu bai miƙe sosai ba, sai an sha wahala a kan dutsen washi, amma ƙarfen na gaskiya ne, yana karɓar kaifi, yana riƙe shi gwargwado. Sai kuma masu tambarin kan rago, da ke kulle cikin gilashi. Mai shagon ya fito da ɗaya yana riƙe da shi kamar jariri. Bayansa a miƙe, tambarin an buga shi ne cikin ƙarfen, kana jin zurfinsa da yatsa, kuma ya fere katakon ya bar wurin yana sheƙi. Kuɗin guda ɗaya ya fi na jan ƙota huɗu.

"Ka ɗauki jan ƙota mu tafi," in ji Bahago. "Ni da su na aurar da 'ya'yana."

"Shi ya sa kullum kana kan dutse kamar mai wanki. Rabin yininka washi ne."

"Kai kuma rabin yininka fahariya."

Baba bai sayi komai ba ranar. Ya ce zai yi tunani.

Washegari Auta, ƙaramar 'yarsa, ta zo da mijinta. Cikinta ya tsufa, da ƙyar ta zauna. Mijin yaro ne mai kunya, bai daɗe da buɗe shagon kayan ƙarfe a bakin titi ba, kuma duk abin da ya tara a nan ya zuba shi. Ya durƙusa ya ajiye wani kwali a gaban Baba.

"Baba, ga wannan. Ba yawa."

Cizal shida ne, masu kan rago. Auta tana ta murmushi. Ta ce wani dillali ne ya kawo masa katan-katan a farashi mai sauƙi, wai wani babban shago ne ya rufe, shi kuwa bai yi wata-wata ba ya kwashe duka. Baba ya sa albarka, ya yi ta sa albarka har muryarsa ta yi rawa.

Bayan sun tafi ya ɗauki ɗaya ya shafa tambarin. Yatsansa bai ji zurfi ba. Fenti ne aka buga a sama. Ya kawo magagari. A kan na farko ya zame, a kan na biyu ya ci, na uku kuwa bakin ya yi tauri amma ɗan sama kaɗan laushi ne. Ya wasa wanda ya fi tauri, ya sa a katako ya buga da gudumar katako. Da ya ciro, bakin ya ɓantare wuri biyu kamar haƙorin tsoho. An ƙona ƙarfen an tsoma a ruwa, ba a sake ɗumama shi don ya saki ba, ya zama kamar gilashi.

"Jabu ne," ya gaya wa matarsa. "An cuce shi."

Ta dafe ƙirji. "Malam, don Allah kar ka faɗa yanzu. Yarinyar nan ta kusa. Bari ta sauka lafiya."

"Sayarwa fa yake yi."

"To da wane baki za ka ce wa surukinka kyautarsa banza ce? Ka bari tukuna."

Ya bari. Ya tafi can wani shago mai nisa ya sayi jan ƙota uku, ya yini yana miƙe bayansu a kan dutse, da su ya kama aikin ƙofofin. Na surukin kuwa ya jera su a jikin allo a rumfar, don in Auta ta leƙo ta gan su a rataye.

Ba Auta kaɗai ke leƙowa ba. Kafintocin da gobara ta shafa suna zuwa gaishe shi, kowa idonsa ya kai kan allon. Sun san Baba ba ya riƙe ƙarfen banza. Labari ya bazu cewa akwai kan rago mai sauƙi a shagon surukinsa. Da wani ya tambaye shi yadda suke, sai ya ce, "To, ga su nan dai," ya kawo wata maganar.

Yana tsaka da haɗa ƙofa ta uku aka zo aka ce Bahago yana asibiti. Ya tarar da shi a gadon da ke kusa da taga, an naɗe masa ido ɗaya da bandeji. Matarsa ce ta yi bayani. Yana fasa rami ne a katako mai tauri, ya buga, ya ɗan lanƙwasa cizal ɗin don ya ɗago guntun, sai bakin ya tsinke ya tashi sama. Likita ya ciro ƙarfen, amma ya ce kada su sa rai da idon.

"Wane cizal?" in ji Baba, ko da yake ya sani.

Bahago ya juyo da idon da ya rage. "Shekara nawa kana yi mini gori da jan ƙota? Na ce bari in saya sau ɗaya in huta da bakinka. Na ga naka a rataye." Ya ƙara da cewa, "Kai naka ba su ba ka matsala ba?"

Baba ya dubi ƙasa.

"Tambayarka nake."

"Ban yi aiki da su ba. Na gwada su tun ranar farko."

Bahago bai ɗaga murya ba. Ya ce wa matarsa ta gyara masa matashi, ya juya ya fuskanci bango. Baba ya daɗe a tsaye, babu wanda ya ce masa ya zauna.

Daga asibitin bai koma gida ba. Ya wuce shagon surukin da magagari a aljihu. Yaron ya taso da sauri ya ba shi kujera, Baba ya ƙi zama. Ya ce a buɗe katan ɗaya. A gaban idonsa ya goga cizal bayan cizal, ya nuna masa wanda magagari ya ci da wanda ya zame, ya sa shi ya kankare tambarin da bakin wuƙa, fentin ya zubo.

"Na gaske ana buga shi cikin ƙarfe. Kuma duk shidan taurinsu ɗaya ne. Waɗannan masu laushin ɓata lokaci ne kawai, masu taurin su ne ke cire ido."

Yaron ya zauna a kan katan ɗin. Ya kira lambar dillalin sau da yawa, a kashe. Can ya ce, a hankali, ba tare da ya ɗago ba, "Baba, da ka gaya mini ranar nan, guda biyu kawai na sayar a lokacin."

"Haka ne, ɗana."

Su biyun suka bi layin kafintoci shago-shago suna karɓo abin da aka saya. Wasu suka miƙo, wani ya zage su tas a gaban mutane. Yaron ya mayar wa kowa kuɗinsa har aljihunsa ya ƙare, sauran ya ba su zarto da guduma a madadi. Katan-katan ɗin ya kai wa masu sayen tsohon ƙarfe, aka auna su a sikeli. Baba ya tsaya sai da ya ga an karya bakin kowanne, don kada su sake dawowa kasuwa ta wata ƙofar.

Shagon bai daɗe ba ya rufe. Yaron ya koma tsaron shagon wani. Auta ta haihu lafiya, namiji, amma ranar da Baba ya je ganin jaririn gaisuwa kawai ta yi masa. Ta gaya wa uwarta cewa ba ta san wanne ya fi yi mata ciwo ba, shirun da ya yi da farko ko yadda ya zagaya da mijinta titi-titi daga baya. Uwar ta ce ita ce ta hana shi magana. Auta ta ce Baba ba yaro ba ne.

Ƙofofin sun kammala, jan ƙota ya yi aikin, sai dai ya ƙara masa kwanaki saboda yawan washi. Mai gidan ya yaba haɗin. Baba ya karɓi kuɗin ya kai wa matar Bahago rabi, ta ce sai ta tambayi maigidan. Da yamma aka dawo masa da su.

Bahago ya koma aiki bayan wata biyu, da ido ɗaya da tabarau mai kauri. Baba yana wucewa ta ƙofar shagon kullum, yana sallama, ana amsawa a taƙaice. Wata rana da hantsi ya tsaya ya ga amininsa yana ƙoƙarin ɗora bakin cizal a kan layin da ya ja da fensir. Ya ɗora, ya kauce. Ya sake, ya wuce layin. Ido ɗaya ba ya gane nisa.

Baba ya shiga ba tare da an ce ya shigo ba. Ya ɗauki wuƙa da ma'auni ya bi layin ya tsaga shi, yadda bakin cizal zai faɗa cikin tsagar da kansa. Bahago ya laluba, ƙarfen ya zauna daidai. Ya buga.

"Akwai guda goma sha ɗaya a can," ya ce, yana nuna tarin katakon da haɓarsa. "Ka tsaga su ka tafi. Ban ce na huce ba."

Baba ya naɗe hannun rigarsa ya jawo na farko.