Maki Biyar na Wadda Ba a Riƙe Ba

Malamar motsa jiki ta koma zauren atisaye ne don ɗauko usur ɗinta da ta manta a kan taga. Lokacin hutun tara ne, ranar Litinin, 'yan mata duk suna waje. Tun daga baranda ta ji wani abu ya bugi ƙasa, tim, irin faɗuwar buhu, kuma babu dariyar da takan biyo bayan faɗuwar yara.

A kan siririyar katifar da ke kusurwa ta tarar da yarinyar da 'yan ajinta ke kira Shiru-shiru, kwance ruf da ciki, kanta a karkace. Ita ce mai zuwa ta ɗaya a kowane darasi, kuma ita ce mafi raunin hannu a aji na biyu.

Malama ta ruga wurinta. Ta durƙusa, ta sa tafukanta biyu a gefen kan yarinyar don kada ya motsa, ta hana ta yunƙurin tashi. Ta ce ta motsa yatsun hannu. Suka motsa. Ta ce na ƙafa. Nan aka ɗan jima, sannan babban yatsan ya lanƙwasa. Ta ɗaga murya ta kira mai shara, ta aike ta wurin nas ɗin makaranta.

Suna jira ta tambaye ta a hankali me ya kai ta tsayuwar hannu ita kaɗai, bayan kullum ana faɗa musu sai da mai tallafa musu.

"Malama, a takardar aka rubuta," in ji yarinyar, bakinta a jikin katifa. "Wadda aka riƙe maki biyu. Wadda ba a riƙe ba biyar."

Takardar tana nan manne a bango, da rubutun Malama kanta. Ranar Alhamis ta liƙa ta, domin jarrabawar da za a yi Juma'a mai zuwa, inda kowace yarinya za ta haɗa motsi huɗu a jere ta nuna. Ta rubuta ta ne da kyakkyawar niyya. Bara iyaye sun yi ƙorafin cewa malamai na ba da maki da ka, shi ya sa ta so kowa ya ga ma'auni da idonsa.

Nas ta sa wa yarinyar abin tallafar wuya, aka kwantar da ita a kan katako, motar makaranta ta wuce da ita asibiti. Shugabar makaranta ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Ta ce su jira abin da likita zai ce, ta kuma ce in takardar ce sanadi, a cire ta.

Malama ta cire ta, amma cirewa ba ta goge ta daga kan yara ba. Wannan ta gane shi ne a bakin ƙofar aji, inda ta ci karo da Kyanwa, yarinyar da tun tana ƙarama take alkafura da yayyenta maza. Kyanwa ta faɗa mata, kamar mai ba da labarin kasuwa, cewa ai ba Shiru-shiru kaɗai ba ce. Tun Alhamis rabin ajin ke gwadawa a gida, wasu a tsakar gida kan siminti, wata ma a banɗaki don kada mahaifiyarta ta gani. Kowa ya kwafe takardar a bayan littafinsa.

Yara talatin da biyu ne a ajin. Ƙarfe biyu za a tashi, kowace ta koma gidansu inda babu katifa, babu hannun da zai tare ta. Malama ta duba agogo, sha ɗaya da kwata. Ta san halin 'yan shekara goma sha uku. In ta ce kawai "kada ku yi", za su ce to, su je su yi, muddin makin na can sama yana kiransu. Sai ta roƙi malamin lissafi ya ba ta darasinsa na ƙarshe. Ya ce ta ɗauka, dama yaran sun fi son a karya musu ƙafa da a ba su jimla. Da ya ga fuskarta sai ya haɗiye dariyarsa ya ba ta haƙuri.

Ta zauna a ɗakin malamai da tsohuwar takardar, tana karanta ta da idon yaro. Layin farko ya ce "motsi mai kyau, maki biyar". Mene ne kyau? Ita ta sani, yaran ba su sani ba. "Jeri mai burgewa" ma haka. A duk takardar, layi ɗaya ne yaro zai karanta ya san takamaiman abin da zai yi ya samu maki, shi ne na rashin tallafi. Dole su ruga can. Ga kuma wani abin da ya ƙara sanyaya mata jiki: sau biyu kacal ta koyar da tsayuwar hannu a zangon nan. Ashe tana shirin auna abin da wasu suka koya a gidajensu ne, ba abin da ta koya wa kowa ba.

Sha biyu da rabi ta tara su a zaure, suka zauna a ƙasa tsit, idanunsu na satar kallon katifar kusurwa. Ta faɗa musu cewa takardar ba ta yi daidai ba, kuma laifinta ne. Ta zana layi huɗu a allo: farawa da gamawa, tsayuwa, mirginawa da dira, sai haɗa motsi. Kowane layi maki ɗaya, biyu ko uku, jimla goma sha biyu. Ta ce ba za a rubuta komai ba sai abin da ido zai gani ko baki zai ƙirga, kuma su za su taya ta faɗa.

Malama ta tsaya da ƙafa ɗaya tana tangal-tangal da gangan, ta tambaye su maki nawa. Aka ce ɗaya. Ta ce saboda me? Wata ta ce don kamar kaza a kan igiya take. Aka ɗan yi dariya, bakuna suka buɗe. A haka suka tsara layin tsayuwa: uku ga wadda ta tsaya cak har daƙiƙa uku, gaɓoɓi a miƙe, biyu ga wadda ta kai ukun amma tana rawa ko gwiwa a lanƙwashe, ɗaya ga wadda ta sauko kafin a gama ƙirga. A layin mirginawa suka sa haɓa a ƙirji, baya a dunƙule, a tashi kan ƙafa biyu ba tare da dafa ƙasa ba. A haɗi suka ƙirga tsayawa tsakanin motsi: babu ko ɗaya uku, sau ɗaya biyu, fiye da haka ɗaya.

Sannan ta rubuta abin da ya tara su. Kowace yarinya za ta zaɓi tsayuwarta, ta ƙafa ɗaya, ta kafaɗa ko ta hannu, duk makinsu ɗaya. Amma sai tsayuwar da Malama ta riga ta ga yarinya ta yi a darasi, ta sa mata hannu a katin da za a ba kowa, kuma yau za a rufe katin. Wadda ta yi abin da ba ya katinta ba ta da maki a layin. Malama za ta tsaya kusa da kowa, kuma tsayuwarta ba ta rage komai.

Kyanwa ta miƙe. "Malama, to ina adalcin? Ni in tsaya da hannu, Dumɓu ta kwanta ta ɗaga ƙafa, a ba mu abu ɗaya?"

Dumɓu, yarinya mai jiki da ke zaune a baya, ta ce ai ɗaga ƙafar ma ba kowa ke iyawa ba, mai ƙafa kamar tsinke ba za ta gane ba.

Kyanwa ce ajin ke bi. In ta fita daga zauren nan tana ganin an cuce ta, sauran za su ci gaba da ɗaukar tsayuwar hannu a matsayin abin manya. Agogon bango ya nuna ɗaya da minti ashirin. Malama ba ta yi gardama ba. Ta ce su biyun su fito su gwada, ajin ya ba da maki da sabon allon, kowa a ɓoye a takardarsa, ita ma haka.

Dumɓu ta yi tsayuwar kafaɗa, hannayenta na tallafe da ƙugu, ƙafafu sak, aka ƙirga uku ba ta girgiza ba. Kyanwa ta dafa katifa ta cilla ƙafafu sama, Malama na gefenta da hannu a buɗe. Ta kai uku, amma bayanta ya gantsare, ƙafafun sun rabu suna lilo.

Aka ɗaga takardu. Dumɓu ta samu uku a wurin kowa. Kyanwa ta samu biyu a wurin yara ashirin da shida da Malama, uku a wurin ƙawayenta uku. Da aka tambaye su dalili suka ce ai ya fi wuya. Malama ta ce su nuna mata wuya a allo. Suka duba, babu. Ta ce wahalar motsi za ta rubuta ta da kalmomi a katin sakamako, don iyaye su gani, kuma zango mai zuwa, idan ta koya wa kowa sosai, za a ba wahalar layinta a allo.

Kyanwa ta sake karanta allon. Daga baya ta tambaya ko in ta haɗe ƙafafun ta miƙe bayan za ta samu uku. Aka ce ƙwarai. Ta ce to a ina za ta gyara, tunda an hana yi a gida. Malama ta ce gobe da jibi a lokacin hutun tara, a kan katifa mai kauri, tana tsaye.

Aka shiga layin kati. Malama ta sa hannu ga yara huɗu kawai a tsayuwar hannu. Sauran ta duba wuyan hannunsu ɗaya bayan ɗaya, ta ga kumburi a biyu, ta tura su wurin nas. Wata ƙaramar yarinya ta tambaya cikin raɗa ko da gaske ƙafa ɗaya za ta iya kawo uku. Da aka ce mata e, sai ta fashe da kuka, ta ce kwana huɗu ke nan ba ta barcin kirki. Malama ta sa kowa ya yage tsohon kwafin daga littafinsa ya kwafi sabon, ta bi benci-benci tana dubawa.

Ana saura minti biyar a tashi shugaba ta leƙo, ta ce an bugo daga asibiti. Hoto bai nuna karaya ba, jijiyar wuya ce ta ja, sai hutun mako uku. Ta ƙara da cewa abu na farko da yarinyar ta tambaya shi ne ko za ta rasa makinta.

Malama ta ɗauko sabon kati ta rubuta wa Shiru-shiru "tsayuwar ƙafa ɗaya, bayan likita ya yarda", ta haɗa da kwafin sabuwar takardar. Aka kaɗa ƙararrawa. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsu suna fita da jakunkuna, tana ƙirga su ba tare da ta san dalili ba, sannan ta nufi titi neman motar da za ta kai ta asibiti.