Direba da Jakar Inna

Tun ranar da Auta ta bugo waya daga ƙasar da mijinta ke karatu ta ce likita ya ce haihuwar za ta zo da wahala, Inna ba ta sake barcin kirki ba. Auta ita ce 'yarsu ta ƙarshe, cikin fari ne kuma, ga shi ba ta da kowa nata a can. Mijin Autar ya cike komai ta intanet, ya samo wa Inna ranar ganawar neman biza a ƙaramin ofishin jakadancin ƙasar, ƙarfe tara na safe. Ya ja kunne sosai: wanda ya makara sai ya sake neman wata rana, wata ranar kuwa ba za ta samu ba sai bayan an yi suna.

Mijin Inna, wanda duk unguwa ke kira Direba, ya yi shekara da shekaru yana jan motar bas a birnin kafin gwiwa ta ajiye shi. Da babban ɗansu ya ce zai turo musu tasi, sai ya ji kamar an mare shi.

"Ni za a ɗauko wa tasi a garin nan? Wurin da na wuce ta gabansa ya fi a ƙirga? Ga tutarsu can, ga ƙatuwar ƙofa baƙa. Ido rufe zan kai ta."

Inna ta ƙyale shi. Ta san in ya fara maganar hanya, ba a shiga.

Suka fito da sassafe. Shi ya sa farar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, ita ta rungume jakar hannunta mai ruwan ƙasa, wadda in ka ɗaga sai ka ɗauka dutsen niƙa ne a ciki. A cikin bas Direba bai bar yaron da ke tuƙi ya sha iska ba. Ya taka birki da garaje, ya shiga kwana ba sigina, a zamaninsu da tuni an karɓe makulli. Yana cikin wannan sharhi ne motar ta wuce tutar da gudu.

"Kai, tsaya! A nan za mu sauka!"

"Baba, an hana tsayawa a layin nan tun bara," in ji kwandasta. "Ba ka ga shingayen kankare ba? Sai shataletale na gaba."

Haka suka dawo da ƙafa, Direba na ɗingishi yana faɗin cewa ba a taɓa yin haka ba. A baƙar ƙofar babu layi, babu kowa sai mai gadi a cikin ɗan ɗaki mai gilashi. Direba ya dubi Inna da murmushin nasara, wai sun riga kowa.

Mai gadin ya leƙo, ya dubi takardar ganawar. "Biza ce? Ba nan ba ne, Baba. Nan ƙofar ma'aikata ce da motoci. Ku bi katangar nan har ƙarshe, ku karya hagu, ku sake karyawa. Ƙaramar ƙofa ce a baya, za ku ga mutane." Ya dubi agogonsa. "Ku ɗaga ƙafa fa."

Katangar nan kamar ba za ta ƙare ba. Inna na tafe tana haki, can sai bakinta ya suɓuce.

"Malam, in dai ba ka son tafiyar nan, ai sai ka faɗa mini tun a gida."

Direba ya tsaya cak. Maganar ta soke shi, don akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Hanyar dai ba da gangan ya ɓata ba, amma tafiyar ba ya so. Tunda aka kawo masa ita ba su taɓa yin wata guda a rabe ba, yanzu ana maganar wata uku. Bai taɓa faɗa ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba sai yau.

Ya karɓi jakar daga hannunta ya rataya, ya ce, "Biyo ni a hankali." Sai ya sa gudu. Gudun tsoho mai ciwon gwiwa ba abin kallo ba ne, amma ya yi shi, farar riga na kaɗawa, jakar mata na dukan ƙugunsa.

A bayan ginin ya tarar da jama'a an jera su tsakanin ƙarafa, kowa rungume da takardu. Wata ma'aikaciya mai riga shuɗiya na bin layi tana cewa 'yan ƙarfe tara su matso gaba, sauran su dakata.

"'Yata, ga 'yar ƙarfe tara can tafe," ya ce yana numfashi sama-sama. "Laifina ne, ni na kai ta wata ƙofar."

Ta hango Inna na shan kwana. "Ba ta makara ba tukuna. Amma mai suna a takarda kaɗai ke shiga, Baba. Kai sai ka tsallaka titi, ba a tsayuwa a nan."

Wannan kuma ba wanda ya faɗa musu, ko an faɗa bai shiga kunnen Direba ba. Asibiti, banki, ofishin fasfo, duk shi ne a gaba, shi ke magana, Inna na bayansa tana gyaɗa kai. Da ta iso ta ji, sai ta kama hannun rigarsa a gaban mutane, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ma'aikaciyar ta haɗa fasfo da takardar ganawa ta duba, ta yi alama a jerin sunayenta. Sannan ta nuna allon da ke jikin bango mai hotuna da jan layi a kansu: ba waya, ba babbar jaka, ba ruwa, ba abu mai tsini. Kuma ba su da wurin ajiya.

"Me ke cikin jakar, Mama?"

Me ye babu? Waya, man zafi, gorar ruwa, makullan gida, carbi, da ƙwallon zaren ulu rawaya da kwarashi soke a jikin wata 'yar hular jariri da ba a gama saƙawa ba. Direba ya zaro mata takardunta da tabarau, ya damƙa mata a hannu.

"To in na fito ba waya, ina zan gan ka? Ka san ba na gani daga nesa."

Ya nuna mata turken fitilar titi da ke daidai tsallaken ƙofar. "Kin ga wancan? Ki tsallako kai tsaye, a jikinsa za ki same ni. Shiga, Innar yara. Abin da suka tambaye ki, ki faɗi gaskiya kawai: 'yarki za ta haihu, kuma kin bar tsoho a gida, dole ki dawo."

Yana kallo ta cikin ƙofar ta ɗora takardunta a tire, ta ratsa ta na'urar bincike tana ɗaga hannuwa sama tun ba a ce ta ɗaga ba. Daga nan bango ya raba su.

A tsallaken titi wata duniya ce ta masu rakiya. Akwai wata mata mai rumfa da ke ajiye wa mutane waya da jaka ta ba su lamba. Ta ƙare wa Direba kallo ta yi dariya.

"Baba, jakar ta yi maka kyau. Kawo in ajiye, ka zo inuwa ka zauna."

"Mai ita ta ba ni amana," ya ce, ya gyara ratayar.

Da farko akwai inuwar bishiya a jikin turken. Rana na ɗagawa inuwar ta janye ta koma wajen rumfa, masu jira suka bi ta. Direba bai motsa ba. In ta fito ta duba turke ba ta gan shi ba fa? Daga nan yake jin Mai Rumfa na karanta wa mutane fuskokin masu fitowa kamar mai duba.

"Wancan bai samu ba, kun ga fasfonsa a hannu. A gidan nan in sun amince sai su riƙe fasfo su buga biza, ka karɓa daga baya. In suka miƙo maka abinka, to sai haƙuri."

Waya ta yi ƙara a cikin jaka. Sai da ya kusa zazzage komai kafin ya same ta. Auta ce.

"Baba, ta shiga?"

"Ta shiga tun ɗazu. Ai ba mu sha wahalar hanya ba."

A hankali ta ce, "Baba, za ka iya zama kai kaɗai kuwa? Ko shayi ba ka iya haɗawa ba."

"Ke ki ji da kanki. Wanda ya iya gyaran kafiretar mota shayi ne zai gagare shi?"

Da ya kashe wayar sai ya tsaya yana kallon 'yar hular da ta fito waje. Ko tafin hannunsa ba ta rufe ba. Ya ji tausayin Auta ya kama shi, ya kuma ji kunyar kansa, don can ƙasan zuciyarsa tun safe akwai wani abu da ke fatan a ce wa Inna a'a. Ya mayar da hular a hankali don kada saƙar ta warware.

Rana ta take sosai lokacin da Inna ta fito. Ba ta duba dama ko hagu ba, turken ta nufa, har wani mai babur ya yi mata hon. Tana isowa ya ga idonta ya yi ja.

"Malam, sun ƙwace." Ta buɗe masa hannuwanta. "Sun ɗauki hoton yatsuna, wata ta yi mini tambayoyi ta cikin gilashi, tafinta na faɗa mini. Na ce 'yata za ta haihu. Ta ce wa zan bari a gida, na ce kai. Daga nan na ga ta jefa fasfona a wani kwando. Kaina ya ɗau zafi, ban san me suka ce ba kuma. Wannan 'yar takardar kawai suka ba ni. Ba biza, ba fasfo. Me zan ce wa Auta?"

Direba ya dubi hannuwanta. Babu fasfo. Wata uku ke nan: ɗaki shiru, kujerarta ba kowa, ba mai ce masa ya rage surutu. Ya yi gyaran murya.

"Share hawayenki, Innar yara. Wanda suka hana shi suke mayar wa da fasfo. Naki sun riƙe ne za su buga. Kin samu."

"Malam, kada ka yi mini irin ta baƙar ƙofa."

"Tambayi waccan."

Mai Rumfa ta karɓi 'yar takardar ta duba. "Ta karɓar fasfo ce, Mama. Sai ki fara haɗa kaya."

Inna ta dafa turken ta yi ta hamdala, tana dariya tana kuka. Sai da ta natsu ta dube shi da kyau: farar rigar ta jiƙe sharkaf ta manne a bayansa, ƙafa ɗaya a ɗage saboda gwiwa, ga inuwa can taku kaɗan da benci ba kowa a kai.

"A cikin ranar nan ka tsaya tun ɗazu?"

"Nan na ce miki."

Ta miƙa hannu za ta karɓi jakarta. Ya ƙi saki.

"Bar ta a nan," ya ce, yana kallon titi. "Wata uku za ki yi kina ɗaukar abarki. Mu je, tasi za mu hau."