Duro Tara da Ɗan Ƙari

Ranar da za a zuba kankaren rufin bene, leburori goma sha huɗu suka iso da sassafe, suka tarar Kawu, shugaban magina, ya zare makullin injin kwaɓa siminti ya jefa aljihu.

Ɗan kwangilar ɗan ƙanwarsa ne. Yana ofis lokacin da Kawu ya tura masa hoton tankin ruwan wurin aikin, mai cin lita dubu goma, wanda ke kwance kan ƙafafun ƙarfe. A goshinsa akwai farin tiyo a tsaye da ke nuna inda ruwa ya tsaya. Kawu ya tsuguna daidai saitin ruwan kafin ya ɗauka, don kada hoton ya yi ƙarya.

Nan take waya ta yi ƙara.

"Kawu, na ɗora rula a kan hoton. Ruwan ya kai kwatan tsayin tanki, lita dubu biyu da ɗari biyar ke nan. Dubu biyu da ɗari uku muke buƙata. Ku fara mana!"

"Da a tsaye tankin yake, da ka yi gaskiya. Wannan a kwance yake, ɗan nan. Ƙasansa tsukakke ne kamar gindin kwano, a tsakiya yake da faɗi. Kwatan tsayi ba ya ba ka kwatan ruwa, kusan kashi ɗaya cikin biyar ne. Bai cika dubu biyu ba."

"Ni fa na yi karatun nan."

"Ni kuma na ga rufin da aka tsaya a tsakiyar zubinsa. Na farko ya daskare, na baya ya ƙi kama shi, har yau yoyo yake ta wurin. Ba da hannuna ba."

Kafin awa guda ɗan kwangila ya iso a fusace, ya miƙa hannu.

"Makullin, Kawu. Ko in kawo wani magini."

"Kawo goma. Amma bari mu auna tukuna."

Kawu ya sa aka jero durorin wurin, kowanne mai cin lita ɗari biyu, aka buɗe famfon gindin tanki.

"In lissafinka ne, goma sha biyu da rabi za su cika."

Leburori suka riƙa ƙirgawa da ƙarfi kamar 'yan kallon ƙwallo. Bakwai. Takwas. Tara. A na goma ruwan ya sirance, ya koma ɗiga, bai ko kai rabin duron ba. Ɗan abin da ya rage ya kwanta ƙasa da bakin famfo, duk laka.

Ɗan kwangila ya daɗe yana kallon cikin duron. Sannan ya juya baya ya kira mai motar ruwa, wanda ya ce sai azahar.

"Rabin yini ya tafi a banza, Kawu."

"Ya tafi," in ji Kawu. Ya ɗaga murya: "Kai, masu hamma! Ku zo mu ƙara tokare katakon kusurwar can kafin motar ta iso."