Ranar da Frau Lindner Ta Ce a Kira Ta Gudrun

Tun da Haulat ta fara aiki a kamfanin shigo da kayan asibiti a unguwar Mushairib, ita ke musayar wasiƙu cikin Jamusanci da Frau Lindner, dillaliyarsu ta Hamburg. Kullum "Sie" suke ce wa juna, kamar yadda ake ce wa babba "ku". A al'adar Jamusawa, babba ne ke fara tayin a ajiye wannan girmamawa.

Yau da hantsi saƙon Frau Lindner ya shigo: "Mu koma 'du' mana, irin na abokai. Sunana Gudrun."

Haulat ta miƙe zumbur, har shayinta ya zube.

"Firdausi, zo ki gani," ta ce wa abokiyar aikinta, baki har kunne. "Ko manajanmu bai samu wannan ba."

"To, ki ba ta amsa mana."

Haulat ta zauna, ta rubuta "Gudrun", sai yatsunta suka tsaya cak. Matar nan fa sa'ar mahaifiyarta ce. Ƙin tayin cin fuska ne, gatsa sunan kuma ya fi ƙarfinta.

Ta karɓi "du" ɗin da godiya. A saman wasiƙar kuwa ta rubuta: "Anti Gudrun."