Taken Gaiya Mahauci

Ranar da mahautan Minna suka yi hawan murnar naɗa Alhassan sarkin pawa, a shekarar 1983, babu wanda ya kai Mudi mai kalangu shiga uku, kuma duk taron nan ba wanda ya lura.

Shekara arba'in Mudi yana yi wa mahauta kiɗa. Kowane babban mahauci yana da takensa, wato kiɗan da aka ware masa shi kaɗai, wanda in ya ji shi ko yana tsakiyar fiɗa sai ya miƙe yana tsuma. A cikinsu babu wanda takensa ya fi zama a hannun Mudi kamar na Gaiya, amininsa tun suna yara a Kwangila. To, Gaiyan nan hawan jini ya buge shi bara, ɓarin hagu ya saki. Ya warware dai har yana takawa da sanda, amma hannun sai a hankali. Da aka ce za a yi hawa, ya rantse sai ya hau. Mutum ne mai taurin kan tsiya, Allah ya sani, ko matarsa Rabi'atu ta gaji da magana.

Mahauta ba su ajiye dawaki, aro suke yi. Na Gaiya wani jan ingarma ne da Gimba, manomi daga Gwada, ya kawo tun jiya. Da hantsi Mudi ya biya gidan Gaiya ya tarar ana ɗaura sirdi. Gimba ya ja majayi ya tsuke, ya zagaya da dokin kaɗan, ya sake tsukewa, don doki yakan kumbura ciki in ya ji ana ɗaure shi. Mutum uku suka cicciɓi Gaiya suka ɗora. Sai Mudi ya ga abin da ya tsinka masa zuciya. Ƙafar hagun ba ta zama a likkafa, zamewa take yi, shi kuwa Gaiya ya sa aka ɗaure ta da tsumman rawani, aka saki babbar riga ta rufe.

Gimba ya ja Mudi gefe, ya gaya masa da Hausarsa ta Gwari cewa dokin nan ya san ganga, da ya ji an matsa kiɗa ba ya jiran kaimi. Ya ce kwalta santsi ne da ita ga kofato, kuma wanda aka ɗaure wa ƙafa in ya faɗi, ba faɗuwar ce ke kashe shi ba, jan da doki zai yi masa ne. Rabi'atu ta leƙo daga zaure idonta jawur, ta haɗa Mudi da Allah kada ya kaɗa taken nan. Shi kuwa gogan yana can bisa, ya ja amawali ya rufe baki da hanci, sai ido.

"Mudi," in ji shi, "yau ka matse kalangun nan sosai. So nake a san ina nan."

Mudi ya ce to. Me zai ce?

Bayan azahar aka tashi daga ƙofar kasuwa. 'Yan tauri a gaba suna buɗe hanya, sai makaɗa, sai dawaki goma sha huɗu bi-da-bi, sabon sarki a ƙarshe cikin farar alkyabba. Riguna sai ɗaukar ido suke yi, shuɗi da fari da tsamiya, an yaɓa hannayen a kafaɗa. Mata na rangaɗa guɗa daga kan dakali, leburorin reluwe sun hau katanga, masu tasi sun kashe mota sun fito kallo. Mudi na tafe da kalangu a hammata, yana matsa tsarkiya da damtse sautin ya hau, ya sassauta ya sauka, masu amshi biyu na bin sa a baya. Rana ta gasa fatar har ta soma ƙara kamar gwangwani, ya tofa yawu a tafi ya shafa mata. Hannu na aiki, amma hankalinsa na kan jan dokin nan, wanda Gimba ke tafe a gefensa yana riƙe da ragama.

A mararrabar da ake karkata zuwa Ƙetaren Gwari aka tsaya jinjina. Sarki ya ja can ƙarshen titi ya juyo. Ƙa'idar ita ce a bi manyan mahauta ɗaya bayan ɗaya, daga babba zuwa ƙarami. Mudi ya kaɗa taken mutum, maroƙi ya kwarara kirarinsa, shi kuma ya fito daga sahu a sukwane, ya ja linzami a gaban sarki ya ɗaga dunƙulen hannu. Na farko ya yi lafiya. Na biyu da ya ja linzami, ƙafafun dokinsa na baya suka zame a kwalta har ya kusa zama, jama'a suka ɗauki ihu suna jin daɗi, su a ganinsu gwaninta ce. Na uku Gaiya ne.

Tuni ya sa Gimba ya saki ragama. Ya naɗe linzami a mataccen hannun, ya gyara zama, dokin yana taka rawa a ƙarƙashinsa yana tauna ƙarfe. Ya dubi Mudi ya gyaɗa kai.

Wallahi taken ya riga ya zo yatsun Mudi. Shekara arba'in fa! Kuma ya san abin da tsallakewa ke nufi, don a wajen mahauta ba a tsallake taken mai rai. Ko mutum na kwance a gida ana kaɗa masa, a ce a kai masa gaisuwa. Wanda ya mutu kaɗai ake wucewa. Tsoro ya kama Mudi, da haushin Gaiya da ya jefa shi a wannan hali, da tausayinsa, duk a lokaci guda. Ya dubi gefen rigar da ya rufe ƙafar nan. Ya runtse ido, ya saki taken mutum na huɗu.

Maroƙi ya buɗe baki da kirarin Gaiya, ya haɗiye, ya kama na wancan. Na huɗun ya yi jim, sannan tsuma ta ɗebe shi ya fita a guje, guɗa ta tashi. Gimba ya yi wuf ya sake cafke ragama. Gaiya bai motsa ba. Haka ya zauna a sahu har aka bi sauran aka gama, Mudi kuwa bai yarda ya sake duban wajen ba.

Da aka watse, dole ya je, don shi ma yana cikin masu sauke Gaiya. Ya durƙusa a gindin dokin yana kwance tsumman, yana ta shirya abin da zai faɗa. Sai ga wani tsohon mahauci daga Bosso ya ratso jama'a, mutumin kirki, ya daɗe bai shigo gari ba. Bai ɗaga kai ya dubi mai amawalin da ke bisa ba. Ya dafa kafaɗar Mudi.

"Malam Mudi, na ji ka wuce taken Gaiya. Ashe rai ya yi halinsa? Ba wanda ya gaya mini. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa."

Daga saman dokin, ta cikin amawali, aka amsa a hankali.

"Amin," in ji Gaiya.