Gurbin Yatsa a Jikin Zinariya

Wata huɗu da rasuwar mijinta, Uwar Biyu ta ɗauko ƙullin da take kwana da shi a ƙarƙashin matashi, ta cusa a lalitarta, ta kama hanyar shagon Mai Sikeli, mai sayen zinariya. Ƙanin mijinta na biye da ita. Rediyo ake ce masa, don in ya buɗe baki ba wanda ya san inda ake kashe shi.

Ba don son ranta ta fito ba. Ramin haƙar zinariyar da marigayi yake da kaso a ciki ya cika da ruwa, abokan aikinsa sun ce kowa ya kawo nasa a sayi injin jan ruwa kafin damina ta kankama. Wanda bai kawo ba, kasonsa ya tafi. Daga wannan kason ake ba ta ƙasar da take wankewa a kwarya, daga nan 'yan biyunta suke ci. Abin da ya rage mata a duniya shi ne dunƙulen zinariyar nan, na ƙarshe da aka ƙona kafin marigayi ya kwanta. Kamar ƙwallon dabino yake, jikinsa gautsi-gautsi, a gefe guda kuma akwai gurbin babban yatsa, ya lotsa sosai. A wurin nan take ɗora nata yatsan kullum kafin barci ya ɗauke ta.

"Matar Yaya, ki kwantar da hankalinki," in ji Rediyo, yana kaɗa waya a iska. "Giram ashirin ne cif. Ga farashin yau a waya, duniya duk shi ake bi. Kuɗin inji bai wuce na giram goma sha biyar ba. Ragowar biyar ɗin, ki sayi akuya, ni kuma a ga halina da ɗan takalmi."

"Takalmin da za ka riƙa bina da shi kana cika min kunne? Gara ka zauna haka, ƙaya ta riƙa tsayar da kai."

Shagon ɗaki ɗaya ne, an raba shi da waya mai raga. A bayan ragar akwai tebur, da sikeli cikin akwatin gilashi don kada iska ta taɓa shi, da kofin ruwa, da tukunyar gas a lungu ƙarƙashin wani bututu da ya huda rufi. Mai Sikeli dattijo ne siriri, ƙafar tabaransa ɗaya da zare aka ɗaure ta. Ya yi mata gaisuwar rashi, sannan ya kwance ƙullin ya ɗora dunƙulen a kan sikeli.

"Ashirin," in ji shi. "In haka zan saya, ba a narka ba, kuɗin giram goma sha uku zan ba ki."

Rediyo ya yi tsalle har kansa ya bugi ƙusar da aka rataye kalanda. "Goma sha uku? Baba, bakwai ɗin fa, ɓera ya ci? Ga waya!"

"To ka sayar wa wayar mana, ɗana. Ka tura mata ta ciki."

Uwar Biyu ta danne dariya, sannan ta yi lissafi. Goma sha uku ba za su kai ta ko'ina ba.

Mai Sikeli ya juya dunƙulen da ɗan hantsaki. Ya ce farashin da ke waya na zinariya ce tsantsa, wadda aka tace a babbar matata, aka buga mata hatimi, ba ta da gauraye ko na ƙwayar gero. Wannan kuwa daga rami ta fito. Da zaiba aka kamo ta, wato ruwan ƙarfen nan mai sheƙi da masu haƙa suke zubawa a ƙasa ya haɗiye ƙurar zinariya, a matse a tsumma, a ƙona. Wutar bakin rami ba ta korar zaiba duka. Ga yashi da ya maƙale a ciki. Ga azurfa, wadda tare Allah ya halicce su a dutse.

"Ni ban ga cikinta ba, ke ma ba ki gani ba," in ji shi. "Wanda ya sayi kaza a cikin buhu, kuɗin mara lafiya yake biya. In na goga ta a dutse na ɗiga ruwan gwaji, fatarta kawai zan sani."

"Ka yi mata gwajin tsomawa a ruwa mana," in ji Rediyo, don a san shi ma ya san gari.

"A haka? Duk ƙofofi ne kamar soso. Iska za ta ɓuya a ciki, ruwa ya yi mana ƙarya, ya ce ba ta da kyau. Ku ne za ku kwana ciki, ba ni ba. Sai an narka ta zama curi guda tukuna. Amma in faɗa miki gaskiya, 'yata, wuta za ta ci nauyi. Bayan nan gwaji zai iya ɗaga ki sama da goma sha uku, zai iya sauke ki ƙasa in azurfa ta yi yawa. Abin da wuta ta narka kuma ba ya komawa yadda yake."

Uwar Biyu ta miƙa hannu ta ƙaramar tagar ragar ta ɗauke dunƙulenta.

"Ba za a narka ba."

"Matar Yaya!"

"Na ce ba za a narka ba. Ko goma sha ukun ma na fasa. Kai ka san abin da ke jikin nan? Yatsan yayanka ne. Hotonsa ɗaya ne, shi ma ya rufe ido a ciki. Wannan kaɗai ya bar min da ya taɓa da hannunsa ya zauna."

Shagon ya yi tsit. Abin mamaki, har da Rediyo. Ya dubi rufi, ya dubi ƙasa, ya sosa inda ƙusa ta buge shi. Tun da ta shigo gidansu ba ta taɓa ganin ya yi shiru haka ba sai a maƙabarta, sai ta tsargu.

"Mene ne? Batir ya ƙare?"

"Matar Yaya, ki yi min alkawari ba za ki jefe ni da komai ba."

"Ban yi ba. Faɗi."

Ya ja da baya har ya jingina da ƙofa. Ya ce a watannin ƙarshe hannun Yaya rawa yake yi, ita ma ta sani, ko kofin shayi sai da hannu biyu. Ranar da aka matse wannan, Yaya ya gwada ya kasa. Sai ya miƙa masa tsumman ya ce, kai matse, ƙarfinka duk a baki yake, yau mu ga na hannu.

"Ƙarya kake."

Ya matso a hankali kamar mai tunkarar kare, ya ɗora babban yatsansa a gurbin. Ya zauna daram. Har wani ɗan layi da ya ratsa tsakiyar gurbin, wanda ta sha shafawa tana hawaye, ya yi daidai da tabon da gwangwanin kifi ya yi masa a bara.

Uwar Biyu ta dubi yatsan, ta dubi mai yatsan.

"Wata huɗu," in ji ta a hankali. "Wata huɗu ina kwana da yatsanka a ƙarƙashin kaina. Ina gaya masa sirrina. Har ƙararka na sha kai masa!"

"Ai shi ya sa kunnena ke ƙaiƙayi."

"Me ya hana ka faɗa tun tuni, ɗan banza?"

"Na ga kina samun barci," in ji shi, muryarsa ta yi ƙasa.

Mai Sikeli ya cire tabarau yana goge shi da gefen riga, kafaɗunsa na rawa. Ita kanta ba ta san ko kuka ne ya zo mata ko dariya ba, sai duka biyun suka fito tare, ta hanci. Ta turo dunƙulen ta taga.

"Baba, narka shi. Ka ƙara wuta a wajen yatsan."

Ya ce su koma bakin ƙofa, hayaƙin zaiba ba abin shaƙa ba ne. Daga nan ta hango ya sa dunƙulen a ɗan kasko, ya barbaɗa wani farin gari mai janye datti, ya kunna wutar gas. Ta tuna sau nawa marigayi ya durƙusa a kan irin wannan hayaƙi a bakin rami, yana hura wuta da baki, ta kawar da kai. Da ta waiwayo, gurbin ya tafi. Wani ɗan ƙwallo ne ja yana rawa a tsakiyar kasko.

Da ya huce, Mai Sikeli ya ƙwanƙwashe dattin da ya daskare a jikinsa kamar gilashi, ya wanke, ya ɗora a sikeli.

"Goma sha takwas."

"Wayyo takalmina," in ji Rediyo.

Sai dattijon ya ɗora kofin ruwa a kan sikeli ya mayar da shi sifili. Ya ɗaure curin da zare, ya zura shi cikin ruwan yana rataye, bai taɓa ƙasan kofin ba. Ya ce zinariya ta fi azurfa nauyi nesa ba kusa ba, don haka in curi ya yi nauyi amma bai ture ruwa da yawa ba, mai kyau ne. Ya danna ɗan kalkuletansa, ya sake dannawa. Uwar Biyu ta riƙe ragar har wayar ta shata mata yatsu.

"Ramin mijinki ba ya ƙarya," in ji shi. "Karat ashirin da biyu, cikin ashirin da huɗu. Tsantsar da ke ciki, giram goma sha shida da rabi."

"To a biya goma sha shida da rabi!" in ji Rediyo.

"Ni kuma in ci waya? Wanda nake kai wa ba ya ba ni farashin waya, sai ya cire kuɗin tacewa. Ga mota, ga mai rakiya saboda 'yan fashi, ga haraji, ga gas ɗin nan da kuka ga ya ƙone. Kafin in isa can farashi na iya faɗuwa, ba wanda zai share min hawaye. Goma sha biyar."

Goma sha biyar ɗin da take nema ke nan, ba ragi ba ƙari. Amma Uwar Biyu ba yau ta fara zuwa kasuwa ba. Ta ce yanzu ai ba kaza a buhu ba ce, ya ga cikinta da idonsa, ya ƙara. Suka ja, suka ja, ya rantse da tabaransa, ta rantse za ta tsallaka titi wurin maƙwabcinsa tunda yanzu ta san abin da take riƙe da shi. Ya ƙara mata kuɗin kwatan giram.

Tana ɗaure kuɗin sai ya turo mata tsumman da aka ƙunso zinariyar. Za ta jefar, Rediyo ya ce, "Wannan kam na Yaya ne. Shi ya yage shi da haƙori, ya ƙulle da kansa."

Ta baza tsumman a tafin hannu. A ƙarƙashin jar ƙasar da ta rine shi, ga 'yan furanni shuɗɗa. Ɗankwalinta ne, sabo, wanda ya ɓace daga kan igiya, ta yi mako guda ba ta gaisa da maƙwabciyarta a kansa ba. Marigayi ma har taya ta nema ya yi.

"Ɓarawo," in ji ta ga tsumman. "Allah ya ji ƙanka, ɓarawo."

Ta ninke shi ta sa a lalita. A hanya Rediyo ya tambaya ko kwatan nan zai kai kuɗin takalmi.

"Zai kai," in ji ta. "Amma ɗankwali zan saya wa maƙwabciyata. Kai za ka kai mata, ka yi mata bayani, tunda ba ka gajiya."