Birkin Mai Fanka

Kowa a unguwar ya san Mai Fanka da kekensa, ya kuma san yadda yake tsayar da shi. Birkin gaba ya mutu tun bara, na baya sai ya ga dama yake kamawa, saboda haka da takalmi yake taka ƙasa, ƙiiii, har keken ya tsaya. Mutumin da ke gyara fankar gari guda, wai ba shi da lokacin gyara birki!

Ranar da abin ya faru, wata motar kaya ce ta yanko masa hanya ta shige kwana ba sigina, direban na waya. Mai Fanka ya matse birki, ya sa takalmi, ina! Gwiwarsa ta dama ta farfashe. Bayan an sallame shi daga asibiti likita ya ce tafiya zai yi, amma tuƙa keke gida-gida da jakar kayan aiki ya ƙare.

Shi ya sa ya ƙwallafa rai a kan shago. In diyyar hatsarin ta fito cif, zai kama babban shagon bakin titi. In an rage kaɗan, akwai wani ɗan tsukuku kusa da kwanar da aka kaɗe shi. In kuwa aka raba biyu, ba shago, sai zaman gida, abin da ya fi tsoro ke nan a duniya.

Suka hallara a ofishin lauyarsa, shi da matarsa da wakilin kamfanin inshorar motar. Fankar ofishin na ta ƙara, kunnensa na kanta.

Wakilin ya ce ba su musa laifin direba ba. "Amma shi ma da sakacinsa. Ba birki, ba hular kwano. Rabi za mu biya."

"Hular tana nan rataye a ƙusa," matar ta yi caraf ta ce. "Ni na saya masa. Albasa muke zubawa a ciki."

Mai Fanka ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. "Haba, Maman yara! Ke da wa kika zo?"

Lauyar ta danne dariya. "Bar ta, Malam, ba ta ɓata komai ba." Ta juya wajen wakilin. "Ba kowane sakaci ne ke rage diyya ba, sai wanda ya taimaka wajen jawo hatsarin ko ya ƙara raunin. Kansa ko ƙwarzane babu. Gwiwa ce ta karye. Da ya sa hular, gwiwar za ta tsira?"

Wakilin ya sosa ƙeya, ya ce to, a bar maganar hula.

Mai Fanka ya gyara zama, har ya fara hango babban shagon da sunansa a sama.

"Saura birki," in ji wakilin, ya turo hoton keken da 'yan sanda suka ɗauka. Ga wayar birkin nan tana reto.

Lauyar ta nemi su ɗan keɓe da Mai Fanka, ta gaya masa gaskiya ba kwana-kwana. Jami'in da ya auna wurin hatsarin ya ce akwai tazarar da mai birki zai rage gudu sosai, ko da bai tsaya ba. In aka je kotu, alƙali zai auna laifin kowa, ya cire kason Mai Fanka daga diyyar. Kaso mafi girma na direba ne, amma shi ma ba zai fita fes ba.

"Wato ni aka kaɗe, ni kuma za a yanka?"

"Naka laifin kawai za ka ɗauka, Malam. Nasa shi zai biya."

Abin ya yi masa ciwo, don ya san haka ne. Aka koma, aka yi ta ja, wakilin ya sauko, lauyar ta tsaya a kan kashi ɗaya cikin huɗu kawai za a cire. Nan aka daidaita, ya sa hannu. Kafin su fita sai da ya ce a kashe fankar nan, boris ɗin da take juyawa a kai ya cinye.

Yanzu yana ɗan tsukukun shagon, kuma wallahi yana jin daɗinsa. Inuwa gare shi, aiki na zuwa har ƙofa, matarsa na kawo masa abinci da rana tana tsokanarsa da ranka ya daɗe mai kamfani. Babban shagon wani mai sayar da taya ya kama, daga kujerarsa yana hango shi.

Wata rana wani mai kai burodi ya zo wucewa a keke, ya sa takalmi a ƙasa, ƙiiii. Mai Fanka ya dogara sanda ya miƙe.

"Kai, ɗan'uwa! Kawo keken nan."

"Ai fanka kake gyarawa, Baba."

"Kawo dai, ba ko sisi." Ya ɗaga filaya ya nuna masa shagon mai taya. "Ka ga wancan? Da yanzu nawa ne. Wayar birki ce ta cinye shi."